Layi Na Huɗu

Shekara ashirin da shida ina koyar da fizis a kwalejin horar da malamai, kuma a duk tsawon shekarun nan babu abin da na tsana irin ɗalibi ya rubuta mini abin da idonsa bai gani ba. Mai ƙwaƙwalwar kifi ina iya haƙuri da shi. Malalaci ma mukan lallaɓa har ya fita. Amma maƙaryaci a ɗakin gwaji ba ni da wurin ajiye shi. Ɗalibai sun san haka, shi ya sa suke kirana Ba-sani-ba-sabo a bayan idona, suna zaton ban taɓa ji ba. Na ji, kuma sunan bai ɓata mini rai ba ko kaɗan.

Gwajin da na fi so a shekarar ƙarshe shi ne na fitilar haidirojin. 'Yar siririyar kwalba ce ta gilashi, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba, an cika ta da iskar haidirojin. Idan aka ba ta wuta sai ta yi haske ja-ja mai ɗan shuɗi. Ana rufe baƙaƙen labulen ɗakin, a saita hasken ya bi ta wata 'yar tsaga, ya ratsa wani gilashi mai tsage ɗari shida a kowace milimita. Gilashin nan shi ke tsefe hasken, kowane launi ya karkata ta kusurwarsa. Ɗalibi ya kafa ido a madubin na'urar, yana juya shi a hankali, duk inda ya ga tsayayyen layi mai launi sai ya daidaita zaren da ke cikin madubin a kansa, ya karanta kusurwar, ya lissafa tsawon zangon hasken.

Kafin su taɓa na'ura sai na zana musu matakala a allo. Ilektiron ɗin da ke cikin atam na haidirojin ba ya tsayawa inda ya ga dama, matakai ne ƙayyadaddu, ko yana kan wannan ko yana kan wancan, babu tsakiya. Makamashin kowane mataki shi ne 13.6 a raba da lambar matakin sau kanta, da alamar ragi a gaba. Saboda haka matakan ba tazara ɗaya gare su ba: daga na ɗaya zuwa na biyu rami ne gari guda, daga nan kuma sai su yi ta matsewa. Wuta ce ke cilla ilektiron sama, idan ya faɗo sai ya saki bambancin a matsayin haske. Wanda ya faɗo har mataki na ɗaya, haskensa ya wuce shunayya, ido ba ya gani. Wanda ya tsaya a na uku, nasa bai kai ja ba, shi ma ba a gani. Masu sauka a mataki na biyu su ne rabonmu. Daga na uku, jan layi, nanomita 656. Daga na huɗu, shuɗi mai ratsin kore, 486. Daga na biyar, shuɗi mai duhu, 434. Daga na shida, shunayya, 410.

Littafi ya ce huɗu. Amma fitilarmu, shekara uku ke nan, layi uku take nunawa. Sau uku na sa Injiniya, wato mai kula da kayan ɗakin gwajin, ya rubuta takardar neman sabuwa. Bara aka kawo sabuwar, na duba, layi uku. Na ce jabu suka kawo mana, na yi faɗan da har masu shara suka leƙo. Injiniya dai ya yi ta goge gilashi, dama shi mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya.

Wata ranar Litinin a bana, ɗalibai goma sha takwas suka yi gwajin, kuma shi ne jarrabawar aikinsu ta ƙarshe. Washegari na zauna duba rahotanni. Goma sha bakwai layi uku, kamar yadda aka saba. Na goma sha takwas layi huɗu, ras, da kusurwa da lissafi da komai. Ko ban duba sunan ba na san hannun Lauya ne.

Lauya ba yarinya ba ce. Ta yi shekara tara tana koyarwa a firamare kafin ta dawo karatu, tana da 'ya'ya biyu, kuma hutun karatun da makarantarta ta ba ta a bana zai ƙare. Abokan ajinta ne suka sa mata Lauya don ba a gama magana ba ta ce, amma fa. Ni kaina ta sha tsayar da ni a tsakiyar darasi. Ba zan ɓoye ba, ina ganin ƙoƙarinta, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ƙona mini rai.

Lambobinta su ne 660, 490, 438, 414. Na dube su na yi dariyar takaici. Kowanne ya ɗara na littafi da huɗu. Wato ta kwafo daga littafi, sannan ta ƙara huɗu-huɗu don kada a ce ta kwafa. Wayon ma na rago ne, ko ta bambanta su. Na ja jan biro na rubuta sifili, na cika takardar tuhumar ƙirƙirar sakamako, na kai wa Shugaban Sashe da hannuna kafin a tashi. Hukuncin wannan laifi a shekarar ƙarshe kora ce, kuma kwamitin ladabtarwa zai zauna Litinin mai zuwa.

Laraba da safe ta same ni a ofis. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba, wanda da ta yi wataƙila da na ɗan sassauto. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tsaya a gaban tebur da jaka a hammata, ta ce an kira ta an ba ta takarda, tana son ta san abin da ta ƙirƙira. Na ce layi na huɗu. Ta ce ta gan shi. Na ce fitilar nan na san ta tun kafin ta san hanyar kwalejin, ba ta da layi na huɗu.

"Malam, yana nan. Dishi-dishi ne, amma yana nan, kusa da shuɗin."

Na tambaye ta ko mutum goma sha bakwai duk makafi ne, ita kaɗai Allah ya ba ido. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Lauya ta fasa magana, abin da ban taɓa gani ba. A lokacin na ɗauka gaskiya ce ta ɗaure ta. Ta ce to a bar ta ta sake gwajin a gabana. Na ce ba ni da lokacin wasan kwaikwayo, ta ajiye hujjarta ta kai wa kwamiti.

Da na koma gida da yamma ban iya cin abinci ba, sai masifa. Na zayyana wa uwar yarana komai, har da huɗu-huɗun. Tana ninke wanki tana saurare. Da na gama sai ta ɗaga safa biyu ta tambaye ni wane launi ne. Na ce baƙaƙe, me ya kawo safa cikin maganar. Ta ce ɗaya baƙa ce, ɗaya shuɗiya mai duhu, kuma jiya haka na sa su na tafi aiki. Ta tuna mini labulen falo da na sayo ina rantsuwa ruwan toka ne, alhali kowa ya shigo sai ya yaba shunayyarsa. Wata shida muna wannan gardama. Na ce mata ina maganar kimiyya tana maganar safa, na tashi na bar mata ɗakin. Ta bi ni da cewa ita dai ba ta yi karatun atam ba, amma ta san mutum ɗaya a gidan nan da bai taɓa yin kuskure ba tun da ta aure shi.

Maganar ta tsaya mini a rai duk ranar Alhamis. Ba don na yarda ba. Haushi nake ji, kuma na ƙudurta zan rufe bakin kowa. Juma'a da safe na aika aka kira Lauya, na sa Injiniya ya rufe labule ya kunna fitilar.

Na fara dubawa da kaina. Ja yana nan, ɓaro-ɓaro. Na juya madubin, shuɗi mai ratsin kore. Na ƙara juyawa, shuɗi mai duhu, wanda shi ma sai da na ƙura ido. Bayansa babu komai, baƙi ƙirin har na kai ga hasken tsagar kanta. Na miƙe ina jin daɗin gaskiyata.

Ga yadda na tsara gwajin. Na rufe ma'aunin kusurwa da kwali don kada ta ga lamba. Na juya madubin can nesa, na ce ta nemo mini layin da take faɗa ta ɗora zare a kansa. Wanda yake ƙarya a cikin duhu ba zai tsaya wuri ɗaya sau biyu ba. Ta sunkuya, ta juya, ta juya, ta tsaya. Na ɗaga kwalin na haska tocila: digiri 14.4. Na mayar da kwalin, na karkatar da madubin ta ɗaya gefen, na ce ta sake. 14.4. Na uku na sa ta juya mana baya tukuna, na kashe fitilar ta huce don ba a barinta a kunne da daɗewa, sannan na kunna. Ta nema. Ban so ɗaga kwalin ba, amma na ɗaga. Ko gezau lambar ba ta yi ba.

Na ture ta gefe, Allah ya yafe mini, na kafa idona a madubin ba tare da na taɓa shi ba. Zare ne kawai a kan duhu. Na canza ido. Duhu.

Na ce to huɗu-huɗun fa. Injiniya ya yi gyaran murya daga bayanmu. Ya ce sifilin ma'aunin ya goce da kusan sulusin rabin digiri tun ranar da aka matsar da teburin don gyaran rufi, ya rubuta a littafin kaya, ban karanta ba. Wannan gocewar kuwa, a gilashi mai tsage ɗari shida, nanomita huɗu take ƙara wa kowane layi. Na yi lissafin a kaina tun bai rufe baki ba, kuma haka ne. Abin da na kira wayon rago shi ne babbar shaidar cewa da na'urar nan ta auna. Da na natsu na duba sauran rahotannin, da na ga su ma layukansu uku duk sun ɗara da huɗu. Ban duba ba, ina can ina farautar ɓarawo.

Injiniya ya ciro wayarsa ya ɗora kyamarar a bakin madubin, ya ɗan jima yana daidaitawa, ya miƙo mini. A fuskar wayar, daidai kan zaren, ga wani siririn layi, wanda wayar ta ƙara wa haske har ni ma na gan shi.

"Tun yaushe ka sani?" na tambaye shi.

"Tun fitilar farko, Malam."

"Ka bar ni ina sa ka rubuta takarda sau uku?"

"Na faɗa maka sau ɗaya. Ka ce aikina goge gilashi."

Na tuna ranar, abin haushin ke nan. Na juya wurin Lauya na tambaye ta sauran goma sha bakwai ɗin. Wannan karon ba ta fasa ba. Ta ce kowa yana gani. 'Yan ajin da suka wuce ne suke gaya wa na bayansu cewa Malam layi uku yake so, duk wanda ya rubuta huɗu zai rasa maki, don shekara uku da suka wuce an zabge wa wani maki goma a kan haka. Ita ma an gaya mata. Har ma a ranar gwajin, ɗalibar da ke kusa da ita ta taka mata ƙafa da ta ga tana zana layi na huɗu a jadawali. Ranar Laraba ba ta faɗa ba ne don kada ta jefa 'yan ajinta a wuta.

Na ce me ya sa ita ba ta bi su ba, ta huta.

"Kai ka ce mu rubuta abin da muka gani, Malam. Ranar farko ka faɗa."

Ban san abin da na ce ba bayan wannan. Na dai san na sallame su, na zauna ni kaɗai a ɗakin da labule a rufe. Haushin Injiniya nake ji, da haushin ɗalibai, da haushin uwar yarana da safarta, kuma duk wanda na kama da laifi sai ya suɓuce ya bar ni da kaina. Na buɗe kabad ɗin tsofaffin rahotanni na ciro na bara. A na uku da na buɗe, ƙarƙashin layi na uku a jadawalin, takardar ta yi laushi inda aka goge fensir. Na shafa da yatsa na ji shatar lambobin. Ajin bana da biyu na baya, kusan mutum sittin, waɗanda yawancinsu yanzu suna gaban allo a wasu makarantu, a ɗakina suka koyi goge abin da suka gani don mai jan biro ya ji daɗi.

Asabar na je wurin likitan ido, uwar yarana tana gefe tana ƙoƙarin ɓoye cewa ta ci nasara. Likitar ta haska idona ta ce yanar ido ce ta fara, a ido biyu. Ta ce gilashin cikin ido idan ya tsufa yakan yi rawaya, sai ya riƙa shanye shuɗi da shunayya kafin su isa ciki, kuma abin a hankali yake zuwa, mai shi ba ya lura. Ta fara yi mini bayanin gajeren zango da dogon zango. Na ce mata na sani. Ta ce yanar ba ta nuna ba tukuna da za a yi aiki, sai dai a riƙa dubawa.

Litinin da sassafe na shiga wurin Shugaban Sashe na ce na janye tuhuma. Na ɗauka zai yaga takardar a wuce wurin. Ina. Ya ce takarda ta riga ta shiga fayil ɗin kwamiti, ba a janyewa da baki, sai da dalili a rubuce. Ya rufe ƙofa ya sassauta murya, ya ce shi mai ƙaunata ne, in rubuta cewa bayan nazari na ga shaidar ba ta isa ba, shi ke nan. Tuhumar za ta faɗi, ba za a kore ta ba. Sifilin dai zai zauna, don ba a canza maki sai an nuna kuskuren mai dubawa, amma za ta iya maimaita kwas ɗin baɗi. Idan kuwa na rubuta maganar ido, dole ya karɓe ɗakin gwajin haske daga hannuna ya ba wani, kuma ba shi da tabbacin ba za a tono rahotannin baya ba.

Na ce baɗi ba ta da hutun karatu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa da matsalarsa.

Wallahi na yi tunanin karɓar tayinsa. Ɗakin gwajin nan ni na haɗa shi, har labulen da kuɗina na ɗinka. Wanda za a ba kuwa na san shi, ko tsaftace gilashi bai iya ba. Na zauna da biro a hannu kusan minti goma ina jin kamar in fasa teburin. Sannan na rubuta cewa ɗalibar ta auna layi huɗu daidai, fitilar lafiyarta ƙalau, ni ne ba na ganin layin 410 tun shekara uku, ga takardar likita, kuma a nemo ɗalibin da na zabge wa maki goma a mayar masa. Shugaban ya karanta ya yi tsaki, ya ce taurin kaina ne zai kashe ni. Na ce ya sa hannu.

Kwamitin bai yi minti biyar ba. Da na fito na tarar da Lauya a baranda. Na gaya mata an wanke ta kuma za a gyara makin. Ta ce ta gode, a taƙaice, irin godiyar da ake yi wa wanda ya ɗaga ƙafarsa daga kan taka. Ta ce kwana biyar ba ta gaya wa mijinta ba, don ba ta san ta inda za ta fara ba. Na ce ta yi haƙuri. Kalmar ta yi mini nauyi a baki, na daɗe ban yi amfani da ita ba. Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma ban ga laifinta ba.

Rahotonta yana hannuna, da sifilina a kai da jan biro. Dokar da ni na kafa ita ce ba na sa hannu a jadawalin ɗalibi sai na duba kowane layi a na'ura da idona. Na ce ta biyo ni ɗakin gwaji. Injiniya yana ciki yana kwashe littattafaina daga kan tebur yana zubawa a kwali, don an riga an gaya masa an karɓe ɗakin daga hannuna. Ya ajiye, ya rufe labule, ya kunna fitilar.

Ta saita ja, na duba, na sa alama. Ta saita na biyu, na sa alama. Na uku na ƙura ido har hawaye ya taru, na same shi, na sa alama. Ta sunkuya ta juya madubin kaɗan, ta ɗaga kai ta matsa mini.

"Ga shi nan, Malam. Daidai kan zaren."

Na sunkuya na daɗe ina kallo. Babu komai sai duhu da zare. Na miƙe, na soke sifilin, na sa hannu a gefen 414.